Na kulle miliyan 5 a banki, jika 300 nake jira sai na ga 152.500 a takarda

Assalamu alaikum. Ni manomin albasa ne a Tawa, ina kuma fataucinta. Ranar Juma'a 10 ga Afrilu 2026 na kai miliyan 5 na sefa banki, na ce a kulle mini su wata 6 don kada hannu ya kai gare su kafin aikin lambu. Ma'aikacin ya ce ruwan 6 cikin ɗari ne, na lissafa jika 300. Jiya ɗana ya karanta mini takardar, ya ce 152.500 aka rubuta, ranar farawa kuma 13 ga wata ce. Akwai wani layi da aka yi wa alama, wai "renouvelable par tacite reconduction", shi ma bai gane shi ba. An cuce ni ne? Da kuɗin nan zan sayi iri da taki da man inji a Oktoba.

Wani Alhaji daga Tawa

Wa alaikumus salam, Alhaji.

Ba a cuce ka a lissafin ruwa ba. Adadin da ya tayar maka da hankali daidai aka lissafa shi, layin nan da ɗanka ya kasa ganewa kuwa shi ne zai iya hana ka iri da taki a kan lokaci. Sai ka kira yaron, ku shimfiɗa takardar a gabanku da bik da kalanda, mu bi ta tare.

Mu fara da uwar kuɗin, inda aka rubuta Montant. Sau biyu ake rubuta ta, da lamba da kuma haruffa. A lamba ka ga 5 da sifili shida a bayanta, a haruffa kuma yaron ya karanta maka miliyan biyar da Faransanci. Ka sa ya ƙirga sifilin da yatsa, don sifili ɗaya ne tsakanin miliyan 5 da jika 500. In lamba da haruffa suka saɓa, kada ka tsaya jayayyar wanne ne mai rinjaye, kuma kada ka yarda a gyara da bik a kan tsohuwar takardar. A buga sabuwa, ka sa hannu, banki ya sa hannu da hatimi. Haka ma sunanka: ya zama harafi da harafi kamar yadda yake a katin ɗan ƙasarka. Mahamadu da Mamadu mutum ɗaya ne a unguwa, amma a gishe mutum biyu ne, kuma ranar biya ake gane haka.

Akwai wani bincike da takardar ita kaɗai ba za ta yi maka ba. Ka nemi a buga maka takardar shige da fice ta asusunka ta watan Afrilu. Ya kamata ka ga miliyan 5 sun shiga ranar 10, sannan ka ga sun fita da alamar DAT, wato gajeren sunan ajiyar wa'adi a bankunan ƙasashenmu masu sefa. Lambar yarjejeniyar da ke saman takardarka kuma ka sa a nemo ta a na'ura a gabanka. Wannan ne ke tabbatar maka kuɗin suna cikin littafin banki. Takarda mai hatimi wadda babu sawunta a na'ura, ba ajiya ba ce.

Yanzu ranaku. Ranar da ka miƙa kuɗi daban, ranar da suka fara aiki daban. Ta biyun ita ake rubutawa Date de valeur, daga ita ake fara ƙirga ruwa. Ka kai Juma'a, aka ba ka Litinin 13, wato ranar aiki ta gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne, sai dai ba kyauta ba ne: kwana uku ne suka wuce ba ruwa, kuma a kan kuɗinka kwana uku 2.500 ne. Gaba in za ka sake, ka kai kuɗi farkon mako, ko ka nemi a rubuta maka ranar da ka kai. Mai miliyan 5 yana da bakin da zai nema.

Daga ranar farawa sai tsawon wa'adi, Durée, sai ranar cika, Date d'échéance. Ukun nan dole su yarda da juna, kuma kalanda ce alƙalinsu. Wata 6 daga 13 ga Afrilu yana kai ka Talata 13 ga Oktoba. In ka ƙirga kwanakin, 17 suka rage a Afrilu, Mayu 31, Yuni 30, Yuli 31, Agusta 31, Satumba 30, sai 13 na Oktoba. Jimla 183. Amma da kwana 180 aka rubuta maimakon wata 6, da ranar cika ta faɗo 10 ga Oktoba, ita kuwa Asabar ce. A baki wata 6 da kwana 180 abu ɗaya ne, a takarda kwana uku ne tsakaninsu. Duk ajiyar da ranar cikarta ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar hutun salla, mai ita ya tambaya tun da wuri wace ranar aiki za a biya shi, da ko kwanakin jiran suna da ruwa. Kai naka ya faɗo Talata, ka huta da wannan.

To ina jika 300 ɗinka suka shiga? Kashi 6 cikin ɗarin da aka faɗa maka na shekara ne cur. Haka bankuna ke faɗin ruwa ko da ajiyar ta wata ɗaya ce, kuma sau da yawa ma'aikaci ba ya ƙarasa maganar, yana ɗauka kowa ya sani. Da ka bar kuɗin wata 12, da jika 300 ɗin ka gani ko ɗan fiye. Ka bar su rabin shekara, sai rabi. Ga yadda ake fitar da shi:

```
ruwa = uwar kuɗi × kashi × kwanaki ÷ 36.000
5.000.000 × 6 × 183 ÷ 36.000 = 152.500
```

Wannan 36.000 ɗin ba daga sama ya faɗo ba: ɗari ne na "cikin ɗari" aka ninka da 360, domin bankuna da yawa suna ɗaukar shekara kwana 360 ce wajen lissafi. Tun da amsar ta fito 152.500 cif, jika ɗari da hamsin da biyu da dala ɗari, mun gane abu biyu ba tare da mun ga takardar ba: wa'adinka wata 6 ne na kwana 183, kuma bankinka da shekarar 360 yake aiki. Da 365 yake amfani, da 150.411 ka gani. Amfanin wannan lissafi ke nan. In ka zuba uwar kuɗi da kashi da kwanaki suka fitar da adadin da banki ya rubuta, to layuka huɗu na takardar sun gaskata juna lokaci guda. In amsar ta kauce, akwai layin da aka yi kuskure a cikinsa, kuma girman kaucewar yana nuna maka wanne ne. A ajiyarka kowace rana tana kawo kusan 833. Ka ga bambancin 833 ko 1.667 ko 2.500, matsalar kwanaki ce. Ka ga bambancin wajen 12.700, an rage maka rabin kashi, an buga 5,5 a maimakon 6.

Sai dai ka shirya zuciyarka, 152.500 ɗin ma ba duka za su shigo hannunka ba. Gwamnati tana da haraji a kan ruwan ajiya, kuma banki ne ke cire shi kafin ya biya ka. Shi ya sa ake rubuta kalma ɗaya ƴar ƙarama kusa da kashin: brut na nufin kafin haraji, net na nufin bayan an cire. Tun da adadinka ya yi daidai da 6 cikakke, kusan tabbas brut ne a takardarka, amma yaron ya duba. A ce, don sauƙin lissafi, harajin 10 cikin ɗari ne na ruwan. Za a cire 15.250, ya rage 137.250, ranar cika ka ga 5.137.250. Ka lura a kan ruwan ake cirewa, uwar kuɗi ba a taɓa ta. Ka nemi ma'aikacin ya rubuta maka kashin harajin da ainihin adadin da zai faɗa asusunka, da shi za ka yi kasafin taki. Kuma duk ranar da wani banki ya yi maka tayin 5,5 net, kada ka raina shi don ya gaza 6 a ido. A misalin nan namu, 6 brut yana komawa 5,4 ne bayan haraji.

Ba ka tambaye mu hukuncin kuɗin ruwa ba, wannan tsakaninka ne da malaminka. Abin da za mu ce kawai, mai ajiya a bankin Musulunci takardarsa takan zo da wani fasali: maimakon kashi tsayayye a kan uwar kuɗi, rabon riba ake rubutawa tsakaninsa da banki, don haka lissafin da ke sama ba zai yi masa aiki kai tsaye ba. Ranaku da umurnin biya kuwa duk ɗaya ne.

Mu zo kan layin da ya fi kome muhimmanci, wato "renouvelable par tacite reconduction". Ma'anarsa ita ce: in ranar cika ta zo ba ka ce kome ba, shirunka yarda ne, na'ura za ta sake kulle kuɗin na wani wa'adi irin na farko. Wato ranar 13 ga Oktoba, ko da kana tsaye a gishe da buhunka, za a iya ce maka ajiyar ta riga ta sabunta sai 13 ga Afrilu 2027, lokacin da albasar da kake son shukawa ta isa cira. Ba mugunta ce ta sa aka yi wa layin alama ba. Galibi shi ne zaɓin da ake cikawa in mai ajiya bai faɗi nasa ba, kuma banki ba ya ƙin kuɗi su daɗe a wurinsa. Ga wanda ba ya bukatar kuɗinsa ma alheri ne, don ba za su kwana ba ruwa ba. Gare ka kuwa tarko ne.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: sabuntawa ba lalle ta zo da tsohon kashi ba. Yarjejeniyoyi da yawa suna cewa za a sabunta bisa sharuɗɗan da ke aiki a ranar. In 6 ɗinka ciniki ka yi ka samu, sabon wa'adi zai iya komawa kan kashin kowa da kowa, ba wanda ya kira ka.

Maganin abu ne mai sauƙi in an yi shi a kan lokaci. Ku juya takardar, ko ku duba shafin sharuɗɗa da aka haɗa maka, ku nemi inda aka faɗi kwana nawa kafin ranar cika za ka sanar in ba ka son sabuntawa. Adadin ya bambanta daga banki zuwa banki, na takardarka shi ne doka a kanka. Amma kada ka tsaya ƙirga shi, ka je cikin makon nan. Ka rubuta wasiƙa gajera zuwa ga shugaban reshe, ka sa lambar yarjejeniyar, da adadin kuɗin, da ranar cika, ka ce ba ka son a sabunta, a zuba uwa da ruwa a asusunka mai lamba kaza. Kofi biyu za ka kai. Ɗaya su riƙe, ɗaya su buga mata hatimi da kwanan wata su maido maka. Wannan kofin shi ne shaidarka. Maganar baki da ma'aikaci, ko saƙon waya, ba ta ɗaure banki: ma'aikacin zai iya tafiya hutu, ko a canza masa reshe, wanda ya gaje shi kuma abin da ke na'ura kawai ya sani. Bayan kwana biyu ko uku ka koma, ko ka kira, ka tabbatar an sauya umurnin a na'urar kanta.

Kafin ka rubuta wasiƙar, ka yanke shawarar me kake so, don zaɓi uku ne aka saba bayarwa. Ko a biya ka duka, uwa da ruwa. Ko a sabunta uwar kuɗi a zuba maka ruwan a asusu. Ko a haɗa ruwan da uwa a sabunta gaba ɗaya, sabuwar uwar kuɗi ta zama 5.137.250 a misalinmu. Ba mu ga na biyu da na uku sun dace da kai ba. Ko da miliyan 2 kaɗai aikin lambu zai ci a Oktoba, mu dai shawararmu a biya ka duka, ka ɗebi abin da kake bukata, ragowar ka buɗe sabuwar ajiya da ita a ranar, ka sake cinikin kashi, ka zaɓi wa'adin da zai faɗo daidai da bukatarka ta gaba. Manomin albasa ba rana ɗaya yake kashe kuɗi ba: ga rainon iri, ga dashe da kuɗin ƴan aiki, ga ban ruwa har cira. Wanda kuɗinsa ke fita daki-daki gara ya raba ajiyarsa gida biyu ko uku masu ranakun cika daban, da ya kulle su dunƙule ɗaya sannan ya zo yana fasawa.

Tun da mun ambaci fasawa, ka karanta sharaɗinta ma yanzu, tun ba ka matsu ba. Karɓar kuɗi kafin ranar cika yana da tara, kuma kowane banki da irin tasa: wani ya rage maka kashi, wani ya hana ruwan gaba ɗaya in ba a kai wani adadin kwanaki ba, wani ya ce sai hedkwata a Yamai ta sa hannu, ka yi kwanaki kana zirga-zirga. A ce bukata ta taso maka ranar 13 ga Satumba, kwana 153 da farawa. A kan 6 cikin ɗari ruwan da ya taru 127.500 ne. In sharaɗin ya ce mai fasawa ana maida shi kan 3,5, wato kashin asusun tanadi a ƙasashen sefa na yammacin Afirka, sai ya koma 74.375. Ka yi asarar 53.125 saboda wata ɗaya da ya rage. A irin wannan hali ka tambayi banki rance a kan ajiyar taka, ita ce jinginar. In miliyan 1 kake so na kwana 30, ko da a kan 8 cikin ɗari aka ba ka, ruwansa 6.667 ne, sai kuɗin takardu da haraji a kai. Ka sa a rubuta maka jimlar, ka auna ta da asarar fasawa, wadda ta fi sauƙi ka ɗauka. Ka dai sani, ajiyar da aka jinginar ba ta fita ranar cika sai an cire bashin. In ka taɓa tsaya wa wani da ita, ko ka karɓi wani rance aka ɗaure ta, wannan ma zai bayyana a na'ura, ka tambaya.

Saura inda kuɗin za su sauka. A ƙasan takardar akwai lambar asusun da za a zuba su. Ka ɗauko takardar RIB ɗinka, wato takardar da banki ya ba ka mai ɗauke da cikakkiyar lambar asusunka, ku gwada su harafi da harafi. Guda 24 ne: biyar na banki masu farawa da NE, biyar na reshe, goma sha biyu na asusunka, biyu na ƙarshe na tantancewa. Mai asusu biyu a banki ɗaya, na kasuwanci da na kansa, shi ya fi faɗawa wannan rami. Kuɗi su sauka a asusun da ake binsa bashi, ko wanda kuɗin kula da asusu suka taru a kai wata da watanni, na'ura ta cire nata kafin ya iso. In asusun ya daɗe ba motsi an tsayar da shi, ko katin ɗan ƙasar da ka buɗe shi da shi ya ƙare aiki, kuɗin za su shiga amma fitarsu sai ka sabunta takardu. Ka duba ranar ƙarewar katinka yau, kada sai Oktoba. Kuma in asusun yau da kullum na ƴan kasuwa za su faɗa, ka tuna galibi ba ya kawo ruwa ko tamma ɗaya, don haka abin da ba za ka kashe nan kusa ba kada ka bar shi kwance a can.

Ranar Talatar 13 ga Oktoba, ka tafi da takardar ajiyar ta asali, da kofin wasiƙarka mai hatimi, da katinka. In tsabar kuɗi kake so a hannu, ka sanar da reshen kwana biyu kafin nan, don ba kullum gishe ke da miliyoyi a ajiye yana jiran mutum ɗaya ba. In tafiya ta kama ka zuwa Galmi ko Konni a makon, ɗanka ba zai karɓar maka don yana riƙe da takardar ba, sai da wakilci a rubuce da ka sa wa hannu a gaban banki tun kafin ka tashi. Kafin ka bar gishe, ka nemi takardar lissafin ƙarshe, wadda ke nuna kwanaki 183, ruwa 152.500, harajin da aka cire, da abin da ya rage. Yaron ya gwada ta da abin da kuka lissafa a gida. In sun saɓa, a nan take ake gyarawa da sauƙi, tun ma'aikacin bai rufe lissafin ranar ba.

Allah ya ba da albasa mai albarka, Alhaji. Wasiƙar nan dai a kai ta kafin Juma'a.